Rana Ɗaya, Inuwa Biyu: Gyaran Haske a Hoton Gini Bayan An Taɓa Shi

Yanzu da wuya mutum ya ba da aikin zanen gida a miƙa masa takardar layuka kawai. Tare da ita akan haɗo masa hoton gidan kamar an riga an gama shi, da fenti da tayil da shuke-shuke, har da mota a tsakar gida. Wannan hoto shi masu sana'ar ke kira renda. Ana gina gidan a cikin kwamfuta, a kafa masa rana da kyamara na ƙirƙira, sai kwamfutar ta lissafa inda haske zai faɗa da inda zai toshe. Lissafin yana cin lokaci. Hoto ɗaya mai kyau na iya riƙe ƙaramar kwamfuta sa'o'i, ga kuma wutar lantarki da ba ta da alƙawari. Shi ya sa idan mai gida ya duba ya ce, "Malam, a ƙara min rumfar mota a nan gefen," ba kowa ke komawa ya sake renda daga farko ba. Sai a yi rumfar ita kaɗai, a ɗauko ta a manna a kan tsohon hoton.

Daga nan ake samun abin da za mu tattauna a kai. Rumfar ta fito da kyau, girmanta daidai, amma hoton ya daina kwanta wa ido. Mai gida ba zai iya faɗin abin da ya same shi ba, sai dai ya ce kamar an liƙa ta ne. Galibi dalilin ɗaya ne: rumfar ta zo da ranarta, gidan kuma yana da tasa.

Bari mu ɗauki misali guda mu bi shi har ƙarshe. Gida ne mai hawa ɗaya, an yi rendarsa a Blender. Tsakar gidan an shimfiɗa mata tayil mai murabba'i, santimita 60 kowane gefe. A bakin ƙofa akwai ginshiƙai biyu masu tsawon mita 2.5, ga katanga a gefen dama, ga bishiyar darbejiya ɗaya. An ƙara rumfar mota mai ƙafafu huɗu, kowace ƙafa mita 2.4. Wanda ya yi rumfar ya yi ta a sabon fayil, domin tsohon fayil ɗin ba ya hannunsa, hoton kaɗai aka turo masa. Inuwar ginshiƙan tana kwance zuwa dama tana shiga cikin hoton. Ta rumfar kuwa gajera ce, ta karkata hagu.

Kada a yarda da ido

A wannan misali kuskuren a fili yake, hagu da dama ne. Amma sau da yawa bambancin bai wuce digiri goma sha biyar ko ashirin ba, kuma a nan ido ba abin dogaro ba ne. Masu binciken yadda ɗan Adam ke gani sun daɗe da nuna cewa mutane ba su da saurin gane saɓanin haske a cikin hoto, ko da an ce musu su nema. Wannan ne ya sa masu bankaɗo hotunan bogi suka koma ga lissafi. A shekarar 2013 Eric Kee da James O'Brien da Hany Farid suka wallafa wata hanya ta gane hoton da aka yi wa sauyi ta hanyar inuwoyinsa, kuma tushenta abu ne da kowa zai iya yi da abin ja layi. Mai gyaran renda zai iya aron wannan dabara ya kama nasa kuskuren kafin wani ya kama.

Ga yadda take. A buɗe hoton a Photoshop ko GIMP, a ƙara sabuwar leya a samansa, a zaɓi jan launi siriri. A nemi wurin da ba shakka a kansa, wato wani tsini a jikin abu da kuma tsinin da ya dace da shi a inuwarsa. Kan ginshiƙi da ƙarshen inuwar ginshiƙin, misali, ko kusurwar katanga da kusurwar inuwarta. A ja miƙaƙƙen layi ya ratsa su biyun, a zarce da shi. A yi haka ga abubuwa uku ko huɗu na tsohon hoton. Idan rana ɗaya ce ke haska su, dukkan layukan za su haɗu a ɗigo guda. Dalilin kuwa shi ne kowane layi hanyar hasken rana ce da kanta, kuma hanyoyin hasken rana a jere suke tafiya, su kuwa layukan da ke jere a zahiri sukan haɗu a wuri ɗaya a cikin hoto, kamar yadda gefuna biyu na titi ke haɗuwa a nesa.

Inda za su haɗu yana da abin da yake faɗa. Idan rana tana gaban kyamara, layukan za su haɗu a sama, daidai inda ranar take. Idan tana bayan kyamara, kamar a misalinmu, za su haɗu a ƙasa, sau da yawa ma a wajen hoton, don haka sai an faɗaɗa fili da `Canvas Size` kafin a ga mahaɗarsu. Idan kuma tana gefe sak, layukan ba za su haɗu ba, za su yi ta tafiya a jere. Bayan an samo mahaɗar, sai a ja layi daga kan ƙafar rumfa zuwa ƙarshen inuwarta. Idan ya bi ta wannan ɗigo, rumfar tana ƙarƙashin rana ɗaya da gidan. Idan ya kauce, an kama ta.

Mutane da yawa kan yi wani kuskure a nan, su ɗauka cewa dole inuwoyi su kasance a jere a kan allo, sai su kwaikwayi karkatar inuwar ginshiƙin da ke hagu su ɗora wa rumfar da ke dama. Ba haka ba ne. Inuwoyin abubuwan da ke tsaye a kan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa su ma suna nufar ɗigo guda ne, a kan layin da sama ke haɗuwa da ƙasa. Saboda haka abin da ke hagun hoto da wanda ke damansa inuwoyinsu za su bambanta a karkata, alhali duka daidai suke. Wannan gwaji na biyu yana da sauƙi, amma ya tsaya ga ƙasa madaidaiciya. Da zarar akwai gangare ko matakala ya daina aiki. Na farkon kuwa ba ruwansa da inda inuwar ta faɗa, ko a bango ne ko a matakala.

Karanta rana daga tayil

Sanin cewa inuwar ta saɓa rabin aiki ne. Sauran shi ne a gano inda ranar tsohon hoton take, da alƙaluma, domin a mayar da ita a sabon fayil. Abu biyu ake nema, tsayinta a sama da kuma ɓangaren da ta fito.

Awon rana da inuwa ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Tun kafin agogo ya yawaita, ladanai da malamai kan duba inuwar sanda su san shigar La'asar, idan inuwar ta kai tsawon sandar bayan an cire wadda ta rage lokacin zawali. Lissafin da mai renda zai yi ɗan'uwan wannan ne. Idan inuwa ta yi daidai da tsawon abu, rana tana digiri 45 daga ƙasa. Idan ta fi shi tsawo, ranar ta yi ƙasa. Idan ta gaza, ranar ta yi sama.

Ba za a auna inuwar da abin awo a kan allo ba, domin nisa yana gajarta abubuwa a hoto. A nan tayil ke ceton mutum. A ƙirga daga gindin ginshiƙi zuwa inda inuwarsa ta ƙare. A misalinmu ƙarshen inuwar yana tayil huɗu zuwa ciki, tayil uku zuwa dama. Duk maginin da ya taɓa fitar da kusurwar tushe da igiya ya san uku da huɗu suna ba da biyar. Tsawon inuwar ke nan tayil biyar, wato mita 3. Ginshiƙi mita 2.5, inuwa mita 3. Sauran aikin na kalkuleta ne:

```
atan(2.5 / 3.0) = 39.8°
atan(3 / 4)     = 36.9°
```

Na farko ya ce rana tana kusan digiri 40 daga ƙasa. Na biyu ya ce inuwar ta kauce digiri 37 zuwa dama daga layin tayil ɗin da ke shiga ciki. Yanzu muna iya faɗin abin da ya kamata rumfar ta yi tun ba mu taɓa ta ba. Kowace mita ɗaya ta tsayi tana ba da inuwar mita 1.2, don haka ƙafa mai mita 2.4 inuwarta ta kusa mita 2.9, ɗan ƙasa da tayil biyar. Wadda ta zo da ita kuwa mita 1.4 ce, wato an yi ta da rana mai digiri 60. Ashe kuskure biyu ne a wuri ɗaya, na ɓangare da na tsayi. Wanda ya juya inuwar zuwa dama kawai ya tafi, ya bar rabin matsalar a baya.

Idan babu tayil, sai a nemi wani abu da aka san girmansa a ƙasa, kamar bulon da aka jera a bakin lambu ko faɗin ƙofar mota, a ƙirga da shi.

A koma wurin fitila

Ra'ayina a nan ba ya rawa. Matuƙar rumfar tana nan a fayil ɗinta, gyaran a Blender ya kamata a yi shi, kada a kama buroshi. Dalilin shi ne inuwar da ke ƙasa ba ita kaɗai ce shaidar rana ba. Jikin rumfar ma yana ɗauke da ita. Ƙafafunta suna da gefen da ya yi haske da gefen da ya yi duhu, kwanon rufin yana da ƙyalli a wani wuri. An yi su ne da rana daga dama, gidan kuma ranarsa daga hagu take. Ana iya goge inuwar ƙasa a zana wata, amma hasken jikin ƙarfen zai ci gaba da tona asiri.

Fitilar da ake kira `Sun` a Blender ba ta damu da inda aka ajiye ta ba. Ko a ɗaga ta sama ko a kai ta bayan gida, inuwa ba za ta motsa ba, karkatarta kaɗai ke aiki. Sababbin shiga kan sha wahala a kan wannan, su yi ta jan fitilar suna mamakin abin da ya hana inuwa sauyawa. Idan ba a karkata ta ba, tana haskowa ne kai tsaye daga sama. Don a samu rana mai digiri 40 sai a cire 40 daga 90, a sa 50 a `Rotation X`. Wannan zai kwantar da inuwa zuwa ɓangaren Y. Idan an jera tayil ɗin yadda layinsu na ciki ya bi Y, sai a sa -37 a `Rotation Z`, inuwar ta juyo dama. A bar `Rotation Y` a sifili.

Duk wannan ba zai yi amfani ba idan kyamarar sabon fayil ba ta zauna inda ta tsohon hoto ta zauna ba. Akwai wata ƙaramar manhaja ta kyauta mai suna fSpy, wadda ake nuna wa layukan gini a cikin hoto, ita kuma ta fitar da mazaunin kyamara da faɗin ganinta, a shigo da su Blender. Hanyar tabbatarwa mai sauƙi ce, kuma ina ganin bai kamata a tsallake ta ba. A kafa sanda mai mita 2.5 daidai inda ginshiƙin ƙofa yake, a sa tsohon hoton a bayan kyamara, a duba. Idan inuwar sandar ta kwanta a kan inuwar ginshiƙin, baki da baki, to kyamara da rana duka sun zauna. Idan ta zarce ko ta gaza, a ƙara ko a rage digiri ɗaya ko biyu har ta hau. Sai a share sandar.

Saura yadda za a fitar da inuwar ba tare da sabuwar ƙasa ta rufe tsohon tayil ba. A shimfiɗa faranti a ƙarƙashin rumfar, a shiga `Object Properties`, ƙarƙashin `Visibility` a kunna `Shadow Catcher`. A saitin renda kuma, ƙarƙashin `Film`, a kunna `Transparent`. Da injin Cycles ake wannan. Farantin zai ɓace daga hoton, inuwar da ta faɗa kansa kaɗai za ta rage, a shirye don ɗorawa a kan tsohon hoto.

Faranti ɗaya bai isa ba a misalinmu. Rumfar tana kusa da katangar dama, inuwarta kuma dama ta nufa. Idan ta kai gindin katanga dole ta karye ta hau bango. In ba a gina wata katangar wucin gadi a sabon fayil ba, inuwar za ta zarce a miƙe kamar katangar ba ta nan, kuma wannan kuskure ne da ko yaro zai gani. Haka nan darbejiyar da ke hagu. Tunda rana daga can take fitowa, wani sashe na inuwar bishiyar zai faɗa kan rufin rumfar. Rumfar da ke tsaye tas cikin haske a wurin da inuwar bishiya ta rufe ba za ta taɓa zama a hoton ba. Ba sai an gina su da kyau ba. Akwati mai girman katanga da wata bishiya mai kama da waccan sun wadatar, a mayar da su `Shadow Catcher` su ma.

Bakin inuwa da launinta

Ko da tsawo da ɓangare sun dace, akwai abubuwa biyu da ke bambanta inuwa da inuwa. Na farko bakinta ne. Rana ba ɗigo ba ce, faifai ce mai faɗin kusan rabin digiri a sama, shi ya sa bakin inuwa yake da ɗan dishi-dishi. A Blender saitin `Angle` na fitilar `Sun` shi ke riƙe da wannan, kuma 0.526 shi ne na rana ta gaskiya a sararin da ba hazo. Da wannan faɗi, kowace mita ɗaya tsakanin abu da inda inuwarsa ta faɗa tana ƙara kusan santimita ɗaya na dishi-dishi. Don haka inuwar ƙafar rumfa takan fara da kaifi a gindi, ta riƙa laushi kaɗan-kaɗan zuwa ƙarshe. Masu rendar gidaje da yawa kan ɗaga wannan lamba zuwa digiri biyu ko biyar don hoto ya yi taushi. Sai a zuƙo ƙarshen inuwar ginshiƙi a tsohon hoto, a gwada da ta sandar gwaji, a yi ta ɗaga `Angle` har laushinsu ya zo ɗaya. Wanda ya lura da inuwa a lokacin hunturu, sa'ad da ƙura ta cika sama, ya ga yadda take dusashewa ta rasa duhu. Rumfa mai inuwa baƙa ƙirin ba za ta shiga hoton da aka yi da irin wannan yanayi ba.

Na biyu launi ne. Inuwa ba baƙa ba ce. Wuri ne da rana ba ta kai ba amma hasken sararin sama ya kai, kuma shi wannan haske shuɗi-shuɗi ne. Saboda haka duhun inuwa da launinta sun dogara ga ƙarfin sama idan aka gwada da ƙarfin rana. Idan sabon fayil yana da sama mai rauni, inuwar rumfa za ta fi ta ginshiƙi duhu. A nan ma a auna. A ɗauki `Eyedropper` a ɗebo launin tayil a rana da launin irinsa a cikin tsohuwar inuwa. A ce an samu ja 214, kore 196, shuɗi 170 a rana, a inuwa kuma 96 da 98 da 112. Lura da yadda ja ya faɗi ƙasa da rabi, shuɗi kuwa bai faɗi sosai ba. Sabuwar inuwa ya kamata ta ba da lambobi kusa da waɗannan a kan tayil iri ɗaya. In ba ta ba da ba, a daidaita ƙarfin sama a saitin `World`.

Akwai wani tarko da ba na fitila ba ne amma yana kama da shi. Daga Blender 4.0, wanda ya fito a ƙarshen 2023, sababbin fayiloli suna farawa da `AgX` a matsayin `View Transform`, alhali kafin nan `Filmic` ne. Wannan saiti shi ke juya lissafin haske zuwa launin da ake gani a allo. Gidan da aka yi da ɗaya, rumfar da aka yi da ɗayan, farinsu da jansu ba za su zo ɗaya ba ko da fitilunsu tagwaye ne. Kafin a fara zargin rana, a duba wannan da kuma `Exposure` da ke kusa da shi.

Idan tsohon fayil yana nan

Aiki ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. A sa rumfar a cikin fayil ɗin gidan, a shiga ganin kyamara, a danna `Ctrl+B` a zana akwati a kan wurin da ya sauya, a yi rendar wannan yanki kaɗai. Amma ko a nan ana samun saɓani. Wanda ya fi yawa shi ne a zana akwatin ya tsaya a jikin rumfar, a manta cewa inuwarta ta miƙa kusan mita uku zuwa dama ta hau katanga, hotonta kuma ya bayyana a gilashin taga. Akwatin ya haɗa da duk inda rumfar ta shafa. In ba haka ba inuwar za ta yanke a tsakiyar tayil kamar an sa mata almakashi.

Ɗaya kuma ya shafi hoton sararin sama da ake naɗe duniyar renda da shi, wanda ake kira HDRI. Da yawa daga cikinsu suna ɗauke da rana a ciki. Idan aka ƙara fitilar `Sun` a kai ba tare da an daidaita su wuri ɗaya ba, kowane abu zai fitar da inuwa biyu, ɗaya mai duhu, ɗaya mai rauni. Haka kuma idan wani ya juya HDRI ɗin bayan rendar farko don ya samo gajimare mai kyau, ya juya ranar gidan ke nan bai sani ba. Ana mayar da shi da `Rotation Z` a kullin `Mapping`, kuma tsohuwar inuwar ginshiƙi ce za ta nuna lokacin da aka dawo daidai.

Tunda maganar ɓangaren rana muke, akwai abin da ya shafi masu zane a ƙasarmu musamman. Kano tana kusan digiri 12 arewa da tsakiyar duniya. A watan Disamba ranar tsaka takan tsaya wajen digiri 55 ta kudu, inuwa ta faɗa arewa. A watan Yuni kuwa takan haye ta koma arewa, wajen digiri 79, inuwa ta gajarce ta faɗa kudu. A Turai wannan juyawa ba ta faruwa, inuwar tsakar rana kullum arewa take. Manhajoji irin su SketchUp suna lissafa inuwa ne daga wuri da kwanan wata da sa'a, don haka fayil biyu da aka sa wa ƙarfe uku na yamma za su iya ba da inuwa daban idan wata ko garin da aka saita bai zo ɗaya ba.

Idan hoto kaɗai ake da shi

Wani lokaci abin da aka ƙara yankakken hoto ne, na mutum ko mota ko shuka, babu yadda za a sake haska shi. Abu na farko a duba gefen da haske ya faɗa a jikinsa. Idan kishiyar na gidan ne, `Flip Horizontal` kan warware matsalar nan take ga bishiya ko tukunyar fure. Ga mota kuwa sitiyari zai koma dama, lambarta ta juye. Mutum mai babbar riga aljihunsa da aikin da ke ƙirjin hagu za su koma dama, kuma Bahaushe zai gani. A irin wannan gara a nemo wani hoton da haskensa ya dace tun asali.

Inuwar ƙasa kuma a gina ta da layukan da aka riga aka ja. Daga tafin ƙafar mutumin a ja layi zuwa mahaɗar da ke kan layin haɗuwar sama da ƙasa, daga kansa kuma a ja wani zuwa mahaɗar hasken rana. Inda layukan biyu suka gitta, nan inuwar kansa za ta ƙare. A kwafi siffarsa, a cike ta da launi ɗaya, a kwantar da ita da `Distort` tsakanin ƙafa da wannan ɗigo, a sa leyar a `Multiply`. Launin da za a cike ta da shi yana fitowa daga lambobin ɗazu. A raba na inuwa da na rana a ninka da 255, zai ba da 114 da 128 da 168, wani shuɗi mai toka-toka. Wannan launi a `Multiply` zai mayar da tayil mai rana daidai launin tsohuwar inuwa, abin da baƙi da aka rage wa ƙarfi ba zai yi ba. A ƙara siririn duhu daidai inda takalmi ya taɓa ƙasa, domin rashinsa ne ke sa mutum ya zama kamar yana shawagi.

Kuskuren da na fi gani a irin wannan aiki shi ne inuwa a kan inuwa. Inda sabuwar ta ratsa tsohuwa, `Multiply` zai ninka duhun, wurin ya yi baƙi fiye da ko'ina. A ƙarƙashin rana ɗaya haka ba ta faruwa, domin hasken da katanga ta riga ta tare babu sauran abin da mutum zai sake tarewa. Inuwoyin biyu narkewa suke yi su zama ɗaya. Sai a sa wa leyar abin rufi a goge duk sashen da ya shiga tsohuwar inuwa, a bar ɗan duhun gindi kawai. Hoton dare mai fitilu da yawa dabam ne. A can kowace fitila tana da inuwarta, inda biyu suka haɗu kuma da gaske ya fi duhu, layukan gwajin ma kowane rukuni zai haɗu ne a kan fitilarsa.

Buroshi yana da iyaka. Zai iya ƙara ɗan haske a kafaɗa ɗaya ya rage a ɗaya, amma ba zai juya ƙyallin jikin mota ko na gilashi ba, tunda su madubi ne na abin da ke kewaye da su. Haka ma idan abin da aka ƙara babba ne har ya tare rana daga bango guda, ko launinsa mai ƙarfi ne da zai riƙa feso ja ko kore a kan farin fenti, sauyin ya bazu ko'ina a hoton. A nan a nemo fayil ɗin asali daga wanda ya yi shi, a rage girman hoton a yi rendar gwaji, idan ta yi sai a saki cikakkiyar ta kwana tana yi.